Hedifon ɗina ya ƙi tashi bayan wata 8 a durowa, batir ne ya mutu ko akwai dabara?

Abban Yara:
Slm jama'a, don Allah ina neman shawarar masana. Ina da hedifon na bulutut irin babban nan mai rufe kunne, na ajiye shi a durowa kusan wata 8 kenan, kuma na tuna sarai ranar da na ajiye shi yana ta kukan caji ya kusa ƙarewa na ce gobe zan saka, goben ce ba ta zo ba sai jiya. Na jona shi caji ko ƙyaftawa fitilar ba ta yi ba, na bar shi awa biyu na danna maɓalli shiru. Lafiya lau na ajiye shi wlh, bai faɗi ba bai sha ruwa ba. Ina da ƴar mita kuma ina ɗan taɓa dalma, in akwai abin da zan iya yi da kaina ku taimaka

Ɗan Auta:
Wslm. Batirin ne ya yi barci, haka suke yi. Buɗe shi ka ciro batirin, ka samu tsohuwar wayar USB ka feɗe ta, ja kan ja baƙi kan baƙi ka ɗan taɓa masa na daƙiƙa 10, zai farka nan take sai ka mayar ka saka caji normal

Injiniya:
Ɗan Auta rabin maganarka gaskiya ce, barcin ya yi, amma wannan tashin da ka kawo shi ne wanda nake roƙon Abban Yara kada ya yi. USB 5V take bayarwa, shi kuma batirin litiyam irin wannan iyakarsa 4.2V, kuma babu abin da zai tare yawan wutar da za ta shiga, caja na iya tura masa 2A gaba ɗaya cikin ɗan batirin da ya riga ya galabaita. Wani lokacin a tsira, wani lokacin ya kumbura a hannunka.

Abban Yara kafin ka kwance ko kusa ɗaya, da me ka jona shi? wace caja, wace irin waya? Sannan ka shafa kunnen da batirin yake ka ji ko murfin ya ɗaga, ka kuma sansana ko akwai wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na maganin goge farce.

Abban Yara:
Babu kumburi babu wari. Da cajar wayata na fara, mai saurin cajin nan, wayar kuma bakinta biyu duk USB-C ne. Da ya ƙi sai na gwada fawa banki

Injiniya:
To duka biyun suna iya yaudararka. Caja mai bakin C ba ta sakin wuta sai ta ga wasu rezista biyu na 5.1k a jikin abin da aka jona, kuma ƙananan kaya da yawa ba a saka musu su ba, sai cajar ta zauna kamar ba a jona komai ba. Fawa banki kuma in ta ga abin da ake ja ya yi kaɗan sosai kashe kanta take yi bayan ƴan daƙiƙu, shi kuma batirin da ya faɗi ƙasa ɗan kaɗan ɗin yake sha da farko. Nemo tsohuwar caja ta bango mai 5V 1A da waya mai babban baki ɗaya, wato A zuwa C. Ka jona ka ajiye shi a gabanka minti 30 zuwa awa ɗaya, kana ɗan taɓa shi ko yana ɗumi. Kaya da yawa a nan kaɗai suke tashi ba sai an buɗe ba.

Ɗalibi:
ni ma wayata haka take min tana kai 30 sai ta ɗauke, na yi rista na goge komai bata daina ba me zan yi

Injiniya:
Ɗalibi naka daban ne, batirinka tsufa ya yi yana faɗuwa in aka ja shi da ƙarfi, sai canji. Na Abban Yara zama ne ya zuƙe shi.

Abban Yara:
Na yi yadda ka ce Injiniya. Yanzu an samu ɗan canji, ina jonawa jar fitila tana kawowa kamar daƙiƙa biyu sai ta ɗauke. Na bar shi awa guda, sanyi ƙalau, amma bai tashi ba. Na cire na mayar sau uku duk haka

Baba Mai Rediyo:
Yaro saka shi a leda ka jefa a firiza ya kwana, da safe ka saka caji. Mun sha yi wa batura haka tun kafin a haifi wasunku kuma suna tashi.

Injiniya:
Baba Allah ya ƙara girma, baturan da kuka yi wa haka a da ba na litiyam ba ne. Shi wannan in aka yi masa caji yana ƙasa da 0°C litiyam ɗin ba ya shiga inda ya kamata, sai ya kwanta a saman kamar ƙarfe, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Ga kuma raɓar da za ta taru a kan fanel in ya fito daga sanyi. Gara a bar firiza.

Abban Yara yanzu sai buɗewa. Yawanci in ka zare kushin kunnen za ka ga kusoshi a ƙarƙashi. Batirin ɗan fakiti ne mai fatar azurfa, manne da gam mai fuska biyu, don Allah kada ka sa sukundireba ko wuƙa ka ɓamɓaro shi, fatar siririya ce huda ɗaya ta isa ta jawo wuta. Tsohon kati na roba za ka tura a hankali. Ka karanto mana abin da aka rubuta a jikinsa sannan ka auna tsakanin jar waya da baƙa.

Abban Yara:
Na buɗe. An rubuta 3.7V 500mAh. A miƙe yake bai kumbura ba ko kaɗan. Waya biyu ce ja da baƙa da ɗan soket fari. Na zare soket ɗin na auna, mita ta nuna 0.00 😢

Ɗan Auta:
shikenan ya mutu murus, sifili fa. sai dai sabo

Injiniya:
A'a ku dakata, wannan sifilin ba lallai na batirin ba ne, kuma nan ne mutane da yawa suke yanke hukunci da wuri. Duba saman batirin inda wayoyin suka fito za ka ga salatif rawaya, a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan siririn fanel. Mai gadin batirin kenan, sau da yawa ɗan cif ne mai suna DW01 tare da 8205A. Aikinsa in ya ga batirin ya sauka wajen 2.4V sai ya rufe ƙofa gaba ɗaya don kada a ci gaba da zuƙarsa, to kai da ka auna ta waje ƙofar ka auna, shi ya sa ka ga 0.00. Ainihin batirin yana bayan ƙofar.

Ɗaga salatif ɗin a hankali da farce ko tsinken roba, za ka ga harsuna biyu na ƙarfe sun fito daga cikin fakitin an manne su a fanel, galibi an rubuta B+ da B- a wurin. Nan za ka auna. Amma ka naɗe tsinken mitar da salatif ka bar ɗan bakin kawai, domin harsunan kusa suke da juna, tsinke ɗaya ya zame ya haɗa su ka yi shot ɗin da babu mai gadi a tsakani.

Abban Yara:
Allahu akbar, 2.31 ta nuna! Na sake aunawa sau biyu 2.31 dai. To amma ni abin da ya ɗaure min kai, a kashe fa na ajiye shi, me ya sha cajin?

Injiniya:
Kashewar maɓalli ba yanke wuta ba ce, akwai ɓangaren da yake farke yana jiran ka danna, yana ɗan tsotsa dare da rana. Mu ƙaddara 50 maikro'am yake sha, misali ne kawai na bayar, a wata guda mai awa 720 ya sha 36mAh kenan. Kai kuma ka ajiye shi da saura kamar kashi 10 cikin 100, wato 50mAh. Ka ga ko wata biyu ba a yi ba ya ƙare tas. Bayan haka mai gadi ya rufe, amma shi kansa yana ɗan sha, batirin ma yana zubar da kashi biyu ko uku a wata da kansa, haka ya yi ta zamewa har 2.31.

Yanzu abin da ya sa lambar nan take da muhimmanci. A cikin batirin akwai siririn faifan jan ƙarfe a ɓangaren negatib. In wutar ta faɗi ƙasa sosai ta daɗe a can, jan ƙarfen yana fara narkewa cikin ruwan batirin, ranar da aka sake caji sai ya koma ya daskare a inda bai kamata ba, yana iya yin ƴan ƙayoyi da za su huda takardar da ta raba ɓangarorin biyu. Shot ne daga ciki, babu mai gadin da zai iya tare shi don a bayansa abin yake faruwa. Kuma ba lallai ya nuna ranar farko ba.

Ni ga yadda nake yi. Daga 2.5V zuwa sama ba na damuwa sosai, caji a hankali kawai. Tsakanin 2.0 da 2.5 ina gwadawa amma ina zaune a kansa kuma sai ya ci jarabawa daga baya. Ƙasa da 2 ba na so, ƙasa da 1.5 kuwa ko tattaunawa ba na yi musamman in ya yi makonni a haka. Naka yana tsakiya, ana iya gwadawa.

Mai Walda:
Injiniya ni fa ban yarda da wannan iyakar taka ba gaba ɗaya. Na ciro ɗan batirin litiyam mai gwangwani, 18650, daga tsohon batirin laftof yana 0.9V, na tashe shi a hankali, shekara biyu kenan yana cikin tocilata ko ɗumi bai taɓa yi ba. Ina ganin ana ƙara wa abin gishiri

Injiniya:
Ban musa ba Mai Walda, da yawa suna tashi su yi aiki. Matsalar ita ce daga waje ba ka da hanyar gane wanne ne jan ƙarfensa ya narke wanne ne bai narke ba, guda ɗaya da ya yi maka kyau bai gaya maka komai a kan na gaba ba. Kuma naka gwangwanin ƙarfe ne mai ƙofar fitar da iska, a cikin tocila. Wannan fakitin leda ne da za a ɗora a kan kunne.

Mai Walda:
wannan kam gaskiya ne batun kunne. amma dai ni nawa ba zan yar ba

Abban Yara:
To Injiniya ya zan yi masa cajin tunda nasa fanel ɗin ya ƙi karɓa? Ina da ɗan fanel ɗin cajin nan TP4056 guda biyu da na taɓa saya, zai yi?

Injiniya:
Zai yi amma ba yadda yake ba. Fanel ɗin hedifon ɗinka wataƙila sifilin nan yake gani ya ɗauka babu batir ko akwai shot shi ya sa yake janyewa. TP4056 shi yana da hankalin farawa, in batir yana ƙasa da 2.9V kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar da aka saita masa yake bayarwa, sai ya haye 2.9 ya saki duka, ya tsaya a 4.2V. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancinsu an saita su a 1A da rezista 1.2k, za ka ga an rubuta 122 a kanta. Ga batir mai 500mAh wannan ninki biyu ne na girmansa, ko lafiyayye ne ya yi masa yawa balle wanda ya kwanta wata 8.

Cire 122 ɗin ka sa 10k. Lissafin kusan 1200 ne a raba da rezistar, sai ya ba ka wajen 120mA cikakken caji, na farawa kuma wajen 12mA. Abin da ake so a matakin farko dama kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na girman batirin, wato 50mA a naka, ƙasa da haka ya fi. Ka jona ta jar waya da baƙa, kada ka tsallake mai gadi, ita kuma mita ka riƙa duba B+ da B- da ita. Ka ɗora shi a kan tayil ko faranti na tangaran, nesa da katifa da labule da takardu, kwanon yashi a kusa, kuma kada ka fita ka bar shi.

Abin da za ka sa wa ido, ya riƙa hawa a hankali ba tsayawa ya kai 3.0V cikin kamar rabin awa, in ya ɗan wuce ba laifi tunda wutar kaɗan ce. In ya maƙale ya ƙi hawa, ko ya hau ka cire ya zube nan take, ko ka ji ɗumi a wannan ƴar wutar, ko fatar ta fara tashi, cire kawai an gama. A 12mA babu dalilin da zai sa lafiyayyen batir ya yi ɗumi.

Ɗan Auta:
To wanda ba shi da wannan fanel ɗin fa? ni na ga ana sa rezista 100 a kan jar wayar USB, ai kusan maganata ce ta farko

Injiniya:
Rezistar ce ta raba su ai. Da 100 ohm, 5 a cire 2.3 saura 2.7, a raba da 100 ya ba ka 27mA, wannan daidai ne. Aibinta ba ta san tsayawa ba, in ka manta za ta yi ta tura shi har ya wuce 4.2, sai dai mai gadi ya cece ka in yana da lafiya. Wanda zai yi haka dole mita na jone, yana ganin 3.0V ya cire ya mayar wa na'urar ta ƙarasa da kanta. Ni ba na ba wanda bai saba ba wannan shawarar.

Maman Biyu:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin zancen. Ni ƴan ƙananan na kunne ne masu akwati, na dama ya mutu bayan na daɗe ban taɓa su ba, na hagu yana yi. Ni ba ni da mita kuma ban ga ta inda ake buɗe su ba ma

Injiniya:
Hajiya kada ki buɗe, manne su ake yi da gam kuma batirin ciki ƙanƙani ne ƙwarai. Ki fara cika akwatin shi kaɗai. Sai ki duba ƴan ɗigon ƙarfen da ke gindin na daman da ƴan tsinken cikin akwatin, ki goge su da auduga da ɗan sifirit, ki danna tsinken ki ga suna shiga suna dawowa, sau da yawa datti ne ko ɗaya ya maƙale. Ki saka shi ki rufe, akwatin na jone da cajar bango, awa ɗaya a gabanki. In bai yi ba ki ciro ki mayar sau biyu ko uku. In ya yi zafi ko kika ga tsagar jikinsa ta buɗe ki daina.

Maman Biyu:
Tsinke ɗaya a maƙale yake kuwa, na taɓa shi ya fito. Na saka, fitilar ta kawo. Bari mu gani ngd sosai

Abban Yara:
Ga rahoto. Na canza rezistar, sai da na sha fama don ƙanƙanuwa ce. Na fara a 2.31. Minti 5 ya kai 2.58, minti 10 2.71, minti 20 2.84, wajen minti 28 ya haye 2.9 sai na ga ya yi tsalle zuwa 3.2 da wani abu, na tsorata na cire. Da na cire ya sauko 3.02 ya tsaya. Na auna ta wayoyin waje yanzu su ma suna nuna 3.02 ba sifili ba. Sanyi ƙalau yake

Injiniya:
Madalla, tsallen nan ba matsala ba ne, lokacin ne fanel ɗin ya tashi daga 12mA zuwa 120mA. Kuma ka ga mai gadi ya buɗe ƙofa. Mayar ka bar shi ya cika a kan TP4056 ɗin, zai ɗauki awa huɗu ko biyar, kana taɓa shi lokaci lokaci. Amma cika ba ita ce jarabawar ba. In fitila ta canza ka cire shi, kada ka mayar cikin hedifon, ka bar shi a kan tayil ɗin ba a jone da komai ba. Auna bayan awa ɗaya, auna gobe, auna bayan kwana uku zuwa mako. Lafiyayye zai ɗan sauko daga 4.2 ya zauna wajen 4.15 ya yi ta zama. Wanda yake yoyo ta ciki kullum za ka ga ya ragu, in ka ga ya gangaro ƙasa da 4.0 cikin kwana ɗaya ko biyu babu abin da ke jansa, to ya lalace ko da yana kunna hedifon ɗin. Irin wannan sai ka rufe bakin wayoyinsa da salatif kowacce daban ka kai inda ake karɓar tsofaffin batura, ba kwandon shara ba.

Abban Yara:
Na dawo bayan kwana biyar. Ya cika cikin awa huɗu da ƴan mintuna. Bayan awa ɗaya 4.17, washegari 4.15, kwana uku 4.14, yau ma 4.14. Bai kumbura ba. Na mayar da shi, hedifon ya tashi har ya haɗu da wayata da kansa, cajinsa ma yanzu yana karɓa fitila ba ta ɗaukewa. Allah ya saka da alheri Injiniya

Mai Walda:
ka gani ko, ai na faɗa suna tashi. ci gaba da amfani da abinka

Injiniya:
Amin. Lambobin sun yi kyau, ba ya yoyo. Sai dai ka sa ran ba zai riƙe kamar da ba, awa huɗu a 120mA da raguwar da wutar ke yi a ƙarshe yana nuna abin da ya shiga bai kai 500 ba. Ni da nawa ne zan yi amfani da shi na ɗan lokaci ina neman sabo mai girma ɗaya, in akwai lambobi shida a jikinsa su ne kauri da faɗi da tsawo, ka kuma duba ja da baƙi a soket ɗin sabon don ba kullum suke zuwa a jere ɗaya ba. Kafin nan kada ka yi masa caji kana barci ko yana kanka, kuma duk bayan ƴan makonni ka zare kushin ka duba ko murfin ya fara ɗagawa. In za ka sake ajiye shi ka bar shi a rabin caji, ka waiwaye shi duk wata uku.

Mai Walda:
ni dai ina ganin canjin asara ce tunda ya ci jarabawar da kai da kanka ka ba shi

Abban Yara:
Zan fara gwada shi in ga awa nawa zai yi tukun, da yana min kwana uku ina saurare a hanya. Maman Biyu naki fa ya tashi?

Maman Biyu:
Ya tashi amma minti 40 kawai yake yi ya mutu, na hagun kuma yana kai awa uku. Haka zai zauna ko zai gyaru in na yi ta cajinsa?